Tatsuniyar Kunkuru da Kura: haƙuri take koyarwa ko wayo?

Maman_Iman:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Yarinyata shekararta biyar, kuma ita dai jira ne ba ta iyawa, in ta ce tana son abu to yanzu-yanzu take so, in ka ce ta ɗan dakata sai kuka da birgima. Shi ne na ce bari in haɗa mata gajeriyar tatsuniya ta kwanciya barci a kan haƙuri. Ga yadda na ba ta:

Wata rana Kura ta kwana uku ba ta ci komai ba, tana yawo a daji sai ta yi kiciɓis da Kunkuru. Ta cafke shi, shi kuma ya shige cikin ƙoƙonsa. Ta gasa masa haƙori, haƙorin ya ƙi shiga. Sai Kunkuru ya ce daga ciki, Kura ai ba haka ake cina ba, bayana tauri gare shi, kai ni kogi ki jiƙa ni in yi laushi. Kura don zalama ba ta tsaya tunani ba ta ɗauke shi da gudu ta jefa a ruwa, Kunkuru ya yi ninƙaya ya tsallake, Kura ta tsaya a bakin kogi tana kuka da yunwarta.

Ta ji daɗinta sosai har ta ce in maimaita. To amma da na tambaye ta me ta koya, sai ta ce "idan an kama ka sai ka yi ƙarya ka gudu". Wallahi jikina ya yi sanyi. Ni haƙuri nake son ta ɗauka. Ina gyaran yake, ko dai tatsuniyar ce gaba ɗaya ba ta dace ba?

Abban_Sadik:
Wa'alaikumussalam. Ai yarinyar gaskiya ta faɗa Maman Iman, abin da ke cikin labarin kenan. Ki duba da kyau, a ina Kunkuru ya yi haƙuri? Bai jira komai ba. An kama shi, ya shirya magana, ya tsira. Wannan wayo ne tsantsa.

ummu_haidar:
Ni kuma ina ganin akwai haƙurin, sai dai ta ɓangaren Kura ne. Rashin haƙurinta ne ya ja mata asara, da ta tsaya ta yi tunani ai da ba ta jefa shi ruwa ba. Ki bayyana wa yarinyar haka a ƙarshe kawai, shi kenan.

Abban_Sadik:
@ummu_haidar to in haka ne darasin ya zama "da Kura ta yi haƙuri da ta cinye Kunkuru" kenan. Kuma yaro ai bayan Kunkuru yake, ba zai so a ce Kura ta yi nasara ba.

Malama_Hassu:
Maman Iman sannu da ƙoƙari, ba kowace uwa ke zama ta ƙirƙiro wa ɗanta labari ba. Ni 'yan nazare nake koyarwa kuma kullum da labari nake rufe aji, abin da na lura shi ne yaro ba ya ɗaukar darasin da aka liƙa a ƙarshen labari, abin da gwanin labarin ya AIKATA har ya tsira shi yake ɗauka. Duk wanda yaro ya ƙaunata a labari to shi zai kwaikwaya. A naki abin da ya ceci Kunkuru magana ce ta yaudara, don haka ko sau goma kika ce mata haƙuri ne, abin da idonta ya gani daban.

Gwajin da nake yi wa kowane labari kafin in kai aji shi ne, in cire halin da nake son koyarwa in ga ko labarin zai tsaya. Ki cire haƙuri daga naki, ba abin da ya canja, Kunkuru zai tsira yadda ya tsira. Ki cire ƙaryar kuwa labarin ya rushe. To kin ga a kan me aka gina shi. Abin da kike buƙata labari ne wanda in Kunkuru ya gaza jira to Kura ta cinye shi, wato jiran shi ne ƙofar tsira, babu wata.

Danjuma_Daji:
Ni wani abu ne daban ya tsaya min. Kunkuru fa ba ya ninƙaya yadda kika faɗa. Na tudu ne, ƙafafunsa dunƙulallu ne na tafiya da tono, in aka jefa shi ruwa mai zurfi zai iya nutsewa ya mutu. Mai iyo ita ce kififiya, ita ce ta ruwa. Ina faɗa ne don yara suna gwada abin da suka ji, kar wata rana yaro ya tsinci kunkuru ya ce bari ya taimake shi ya jefa shi a ruwa.

Zee_baby:
Haba Malam Danjuma tatsuniya ce fa, kunkurun ma ai magana yake yi a ciki, shi wannan ba ka ce komai ba sai iyo 😄

Danjuma_Daji:
@Zee_baby yaro ya san dabba ba ta magana, yana ganin kaji da awaki kullum ba wadda ta taɓa gaishe shi. Amma bai san kunkuru ba ya iyo ba, wannan zai ɗauka a matsayin gaskiya. Bambancin kenan ƙanwata.

Baba_Tsoho:
Ni abin da ya ba ni mamaki tun farko shi ne kunkuru a matsayin mai wayo. Mu a tatsuniyoyin da muka taso da su Gizo ne sarkin dabara da matarsa Ƙoƙi, sai Dila malamin daji. Kunkuru mai wayo ya fi yawa a labaran Yarbawa da na Ibo. Kura dai kam kin sa ta a gurbinta, kullum ita ce mai kwaɗayi da wauta, ga tsoro ga ban tsoro. Amma fa ban ce ki canja shi ba 'yata, domin in haƙuri ake so a koyar ba a sa Gizo, Gizo bai taɓa jiran komai ba a rayuwarsa. Kunkurun ya fi dacewa, ki bar shi ya yi halinsa na kunkuru kawai, kada ki ara masa halin Gizo. Abin da ya faru a labarinki kenan.

Real_Auwal:
Ba wannan ce wadda suka yi tsere ba ɗayan ya kwanta barci a hanya? Ai ita ma haƙuri take koyarwa, ki ba ta ita kawai.

ummu_haidar:
@Real_Auwal waccan da zomo ce, babu kura a ciki. Kuma naci take koyarwa da rashin raina abokin gaba, ba jira ba.

Maman_Iman:
Na gode ƙwarai jama'a. Baba Allah Ya ƙara girma, maganarka ta shige ni. @Malama_Hassu to dan Allah yaya za a yi jira ya zama labari? Ni abin da na ji tsoro kenan, in ce Kunkuru ya shiga ƙoƙo ya zauna shiru har Kura ta tafi, ai babu abin da ya faru, yarinyar za ta ce min labarin ba daɗi.

Malama_Hassu:
Tambaya mai kyau. Jira yana zama labari ne in aka shiga cikin ƙoƙon tare da shi, a ji abin da ke damunsa, kuma a sa abin da ke jan sa ya fito. Bari in rubuta yadda zan ba da ita, ki gyara yadda ya dace da bakinki.

Ga ta nan ga ta nanku.

Wata rana da yamma Kunkuru ya fito zai je tafki shan ruwa, ƙishirwa yake ji sosai. Yana tafe sannu sannu, ƙafa ɗaya, ƙafa biyu, har ya hango ruwan yana ƙyalli. Sai ya ji ƙasa tana motsi, dif dif dif. Kura ce, cikinta yana ƙugi don yunwa. Kunkuru ya ja kai ciki, ya ja hannu, ya ja ƙafa, ya ja ɗan wutsiyarsa. Ƙup.

Kura ta ciza, ƙwas, haƙorinta ya yi zafi. Ta mirgina shi dama, ta mirgina shi hagu, ba ƙofa. Sai ta zauna ta ce to ai dole ka fito. Shi kuwa Kunkuru ya san abu ɗaya, ya san Kura ba ta iya zama wuri ɗaya ta daɗe, kuma ba ta son rana ta fito ta same ta a fili. Ya ce a ransa, ni dai in na kai safiya na tsira.

Rana ta faɗi. Kura ta sassauta murya ta ce, Kunkuru fito, fito, ga ruwa nan kusa mai sanyi. Maƙogwaron Kunkuru ya bushe ƙamas, yana jin ƙarar kwaɗi a tafki, yana son ruwan nan kamar me. Ya ja numfashi, ɗaya, biyu, uku. Ya ce, ba yanzu ba Kura, sai an jima.

Wata ya fito. Ƙafar Kunkuru ta sage don lanƙwasa, ga wata 'yar tururuwa ta hau hancinsa tana yawo. Kura ta ce, Kunkuru fito, fito, miƙe ƙafarka ka huta, ba abin da zan yi maka. Kunkuru ya ja numfashi, ɗaya, biyu, uku. Ba yanzu ba Kura, sai an jima.

Dare ya raba. Kura ta ce to ni na tafi, sai wata rana. Ta taka dif dif dif, ta laɓe a bayan wani dutse. Daji ya yi tsit. Kunkuru ya ji daɗi, har ya fara turo hanci, sai ya ce tsaya tukuna. Ya saurara. Can sai ya ji wani abu, ƙurrr, ƙurrr, daga bayan dutse. Cikin Kura ne yake ƙugi! Ya mai da hancinsa, ya ja numfashi, ɗaya, biyu, uku. Ya ce, ina jin cikinki Kura, ba yanzu ba, sai an jima.

Gabas ta fara ja, tsuntsaye suka fara kuka. Kura ta yi hamma, ta duba sama, ta ce kai wannan dutse mai magana ya ishe ni. Ta kaɗa wutsiya ta nufi raminta, wannan karon da gaske, har ƙarar ƙafarta ta ɓace. Kunkuru ya ƙara jira kaɗan. Sannan ya fito da kai, ya fito da hannu, ya fito da ƙafa, ya miƙe ya yi miƙa mai daɗi. Ya taka sannu sannu har tafki, ya sa baki ya sha, ya sha, ya sha, ruwan bai taɓa yi masa daɗi irin na ranar ba. Ya sami inuwa ya kwanta, ya lumshe ido.

Ƙurunƙus.

Kin ga wayon yana nan, ya san halin Kura kuma ya gane tarkonta, amma bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Kuma ki cire jiran ki gani, da ya fito a kiran farko an gama da shi.

Zee_baby:
Wayyo wurin ƙugin cikin nan ya kashe ni 😂 yara za su so shi wallahi

Hajiya_Kaka:
Masha Allah Malama, kin iya. Abu ɗaya zan ƙara, wurin "Kunkuru fito, fito" ɗin nan a rera shi a yi masa 'yar murya, kada a faɗe shi kamar karatu. Mai ba da labari ta yi muryar Kura, yaran su amsa da "ba yanzu ba Kura, sai an jima". Jikokina in ban ba su wurin amshi ba sai su fara tsalle-tsalle a kan katifa, amma in suna da nasu layin da suke jira sai ka ga sun nutsu suna kasa kunne don kar ya wuce su. To wannan jiran layin nasu ma ai koyon haƙuri ne ba su sani ba. Kuma ba a buɗe ta ba amsa, in kin ce ga ta nan ga ta nanku ki tsaya sai ta ce ta zo mu ji ta, kada ki wuce.

Danjuma_Daji:
Wannan kam ta zauna daidai da halin dabbobin. Kunkuru yana iya daɗewa ba ci ba sha fiye da yawancin dabbobi saboda jikinsa ba ya ƙona abinci da sauri, kuma ƙoƙon ba riga ba ce da zai cire, haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa ne suka haɗe suka zama shi. Kura kuma da dare ta fi yawo, da rana ta nemi wurin fakewa. Sai dai in faɗi gaskiya, haƙorin kura yana fasa ƙashi, ƙaramin kunkuru ba zai sha a bakinta ba. Don haka ki ce babban kunkuru ne tsoho mai kaurin baya.

Abban_Sadik:
Malam Danjuma ya dawo 😄 amma wannan gyaran na yarda da shi, "tsohon Kunkuru mai kaurin baya" ma ya fi daɗin faɗa.

Nana_Fiddausi:
Ku yi haƙuri zan ɗan saɓa. Labarin ya yi kyau amma ni akwai abin da ya dame ni a ciki. Me muke koya wa yarinya 'yar shekara biyar, in wani babba mai ƙarfi ya tsare ki yana lallashinki to ki shige ciki ki yi shiru har gari ya waye? Da yawanmu da kalmar "yi haƙuri" aka rufe mana baki tun muna yara, an cuce ka a ce yi haƙuri, an dake ka a ce yi haƙuri, har ka girma ba ka iya cewa an zalunce ka. Ni ina da 'yar uwa da wani babba a gidan ya riƙa takura mata tana ƙarama, ta kasa faɗa wa kowa don an saba mata da cewa yarinyar kirki ba ta ƙorafi. Ba na son 'yata ta zama kunkuru ta wannan fuskar. In kura ta zo ina son ta yi ihu ne.

ummu_haidar:
Subhanallah. Anti Nana wannan magana ce babba, ban kawo ta a raina ba sam.

Abban_Sadik:
Allah Ya saka mata. Amma ni ina ganin labarin goyon bayanki yake @Nana_Fiddausi. Ki duba, Kura ta yi ta daɗin baki, zo ga ruwa, ba abin da zan yi maka, shi kuma sau uku yana cewa a'a. Ai wannan ne muke son yaro ya iya, kar daɗin baki ya ja shi.

Nana_Fiddausi:
Ya ce a'a, na yarda. Amma shi kaɗai ya kwana da abin, bai kira kowa ba, kuma da gari ya waye bai gaya wa kowa ba. Nan ne matsalata take.

Malama_Hassu:
Anti Nana ba zan musa miki ba. Abin da Maman Iman take so shi ne yarinya ta iya jiran abin da take sha'awa, shi ya sa na sa ƙishirwa da tafki, don abin da Kunkuru yake dannewa shi ne son ruwan, ba zafin cuta ba. Amma tun da akwai Kura a wurin dole wani yaron ya fahimce shi yadda kika faɗa. Ana iya ƙara layi biyu, bayan ya sha ruwa ya je ya sami 'yan uwansa ya ba su labari, ya ce ku kula akwai Kura a hanyar tafki, suka ce madalla da ka faɗa mana. Sai dai ba zan ɗora wa tatsuniya ɗaya komai da komai ba, maganar wanda zai taɓa ki ko ya tsorata ki ki zo ki gaya min, wannan da rana ake yinta ido da ido, a fili ba cikin misali ba.

Nana_Fiddausi:
Ƙarin ya rage min damuwa, amma ni dai a gidana zan sa ya ƙwala kira tun cikin dare, ko da ba wanda ya zo.

Danjuma_Daji:
Kunkuru ba shi da murya mai ƙarfi dai, amma wannan karon na yi shiru.

Sulaiman_K:
Ni tambayata daban ce. Kura da daddare, yaro zai kwanta? Ɗana shekararsa uku da rabi, yayarsa ta taɓa ba shi labarin kura ta yi masa kukanta, ranar a ɗakinmu ya kwana kuma ya daɗe ba ya yarda a kashe fitila. Ba gara a sa wata dabba ba?

Hajiya_Kaka:
Ɗana ba kurar ce matsala ba, muryar da aka yi mata ce. In ka yi ta da gurnani kana zare ido cikin duhu dole ya firgita. Ka yi ta da muryar wauta, mai shashanci, tana magana ciki yana katse ta, sai ta koma abin dariya. Kuma kada ka tsaya a tsakiya ka ce sai gobe, lallai yaro ya ji Kura ta tafi ta shige raminta kafin ya rufe ido. Amma ɗan uku da rabi in ya riga ya tsorata da ita to ka ɗaga masa ƙafa tukuna, ba dole.

Malama_Hassu:
Hajiya ta gama magana. Ƙari kawai, ƙarshen ya riƙa sauka ne, murya tana raguwa tun daga fitar Kura, wurin shan ruwa a ja shi a hankali. Duka labarin bai kamata ya wuce minti biyar ba ga 'yar shekara biyar. Ga ƙarami a rage kiran ya zama biyu.

ummu_haidar:
Ni fa har yanzu ina ganin an bar Kura ta tafi salin alin. Ba a hukunta ta ba. Da a ce haƙorinta ya karye ko mafarauci ya kama ta, yaro zai fi ganin sakamakon rashin haƙuri. Mu haka aka ba mu, kullum Kura da wahala take ƙarewa.

Dr_Bashir_M:
@ummu_haidar akwai wani bincike da ya taɓo wannan. Kang Lee na Jami'ar Toronto da abokan aikinsa sun wallafa shi a 2014, a kan yara 'yan shekara 3 zuwa 7. An bar yaro da abin wasa an ce kar ya leƙa, yawanci sukan leƙa, sai a karanta masa labari sannan a tambaye shi ko ya leƙa. Labaran da maƙaryaci ya gamu da mummunan ƙarshe ba su ƙara wa yaran faɗin gaskiya ba. Wanda ya yi tasiri shi ne labarin da yaro ya faɗi gaskiya aka yaba masa. A kan gaskiya aka yi shi ba haƙuri ba, don haka ba zan ce ya yanke hukunci a nan ba, amma yana nuna ladan mai hali nagari ya fi shiga kan yaro fiye da azabar mai mugun hali. Shi ya sa wurin shan ruwan nan ya fi karyewar haƙori amfani a ganina.

ummu_haidar:
To Dakta, amma yaranmu da nasu ba lallai su zama ɗaya ba. Ni dai tsoron abin da ya sami Kura ya hana ni abubuwa da yawa ina yarinya.

Baba_Tsoho:
Yunwar da ta koma da ita ai hukunci ce 'yata. Ta zo da yunwa, ta ɓata dare guda, ta koma da yunwa. Me ya fi wannan.

Maman_Iman:
Na dawo da rahoto. Na ba ta ta Malama, da tsohon Kunkuru mai kaurin baya da ƙarin Anti Nana. Amshin ta kama shi tun a kira na biyu, wurin ƙugin ciki kuwa sai da na yi shi sau da yawa don dariya. Ban tambaye ta darasi ba wannan karon. Amma ga abin da ta tambaye ni, wai ita Kura me za ta ci to, ba ta da mama ne da za ta ba ta abinci? Har idonta ya kawo ruwa. Na rasa amsa na ce mata gobe za ta samu.

Zee_baby:
Allah sarki Iman, tausayi gare ta 🥺

Abban_Sadik:
Kun gani ko, da an karya mata haƙori yau da kuka za a kwana.

Hajiya_Kaka:
Ki ce mata Kura ta tarar da ƙashi a hanyar gida ta ɗauka. Ba ya rage komai a labarin, kuma yarinya ta yi barci da kwanciyar rai.

ummu_haidar:
Hajiya in ta sami ƙashi ai ba ta yi asarar komai ba kenan, maganar Baba ta tashi.

Dr_Bashir_M:
Maman Iman wani abu nake son ƙarawa tun da ainihin damuwarki jiran yarinyar ne. Layin nan "sai an jima" zai yi aiki da rana ne kawai in "an jima" ɗinki tana zuwa. A Jami'ar Rochester, Celeste Kidd ta gwada yara 'yan shekara 3 zuwa 5. An yi wa kowane yaro alkawarin za a kawo masa kayan zane masu kyau in ya jira, rabi an cika musu, rabi an dawo an ce babu. Daga baya aka ajiye wa kowa alewa ɗaya aka ce in ka jira za ka sami biyu. Waɗanda aka cika wa alkawari sun jira kusan minti 12, waɗanda aka saɓa wa kusan minti 3. Kunkuru ya iya jira ne don ya tabbata gari zai waye. In muna ce wa yaro an jima don mu kashe maganar kawai, to ya koyi cewa an jima tana nufin babu, kuma kukan nan take ya fi masa riba.

Sulaiman_K:
Wannan gaskiya ne. Kuma yaro bai san tsawon an jima ba. Ni nakan ɗaura shi da abin da yake gani, in na gama wanke hannu, in yayarka ta shigo, sai ya fi yarda.

Malama_Hassu:
Haka ne, shi ya sa a labarin ma na sa alamomi, faɗuwar rana, fitowar wata, jan gabas, yaro yana ganin jiran yana tafiya yana kusantar ƙarshe. Kuma numfashi ukun nan da gangan na sa, abu ne da za ta iya yi da jikinta. Gobe in ta fara rigima kada ki ce mata "ke Kura ce", suna ne zai manne mata ta ji haushi. Ki ce zo mu yi irin na Kunkuru, ku ja numfashin tare, sannan ki faɗa mata daidai lokacin da za ta samu. Kuma kar ki sa ran canji a mako ɗaya, 'yar shekara biyar da ba ta son jira lafiyarta ƙalau.

Nana_Fiddausi:
Ni ma na gwada tawa da kiran cikin dare. Ɗana ya ce to me ya sa ba wanda ya zo, sai da na ƙirƙiro Bushiya ta amsa daga nesa ta ce tana nan tana kallo. Yanzu labarin ya fara tsawo, kuma ya fi son Bushiyar a kan Kunkurun.

Real_Auwal:
Ni dai har yanzu ta tseren ta fi min daɗi.

Maman_Iman:
@Nana_Fiddausi turo mana taki gaba ɗaya dan Allah in kin samu lokaci. Ni kuma daren yau zan sa ƙashin Hajiya in ga yadda za ta karɓa, @ummu_haidar ki yi min afuwa. Tambaya ɗaya ta rage min, tsohuwar ta kogin nan har yanzu tana cewa in ba ta ita ma, in daina ba ta ne ko in bar su biyun?

Baba_Tsoho:
Ki mai da waccan ta Gizo ce ko ta kififiya, ki bar Kunkuru da tasa.

Abban_Sadik:
Baba ko an canja suna ƙaryar tana nan a ciki fa.